Rage kwalliya mai nauyi da hasken filash a hoto: wace hanya ce ba ta sauya kamannin mutum?

Hoton da aka ɗauka da dare, filash ya daki fuska kai tsaye, ga hoda an shafa da kauri, yakan zo da matsala biyu da ido ke ɗauka a matsayin ɗaya. Goshi da karan hanci suna ƙyalli fari fat, kumatu sun yi toka-toka, wuya kuma ya fi fuska duhu nesa ba kusa ba. Mai hoton zai ce a rage masa hasken nan, amma kada a mai da shi wani mutum daban. Hanyoyin da ake bi uku ne: jan ma'aunan haske da launi a manhaja irin Lightroom ko Snapseed, shafa launi da inuwa da buroshi a kan shimfiɗa ta daban, wato `Layer`, a Photoshop ko GIMP, da kuma raba hoton gida biyu, launi a gefe, zanen fata, wato ƙananan ramuka da layukanta, a gefe. Abin da zai zaɓa maka ɗaya daga ciki shi ne abin da ya rage a ƙarƙashin farin nan, don haka daga nan ya kamata a fara.

Ƙyallin filash da farin hoda ba abu ɗaya ba ne. Ƙyalli haske ne da ya daki maiƙo ko gumi a saman fata ya dawo cikin kyamara ba tare da ya shiga fatar ba, shi ya sa yake ɗauke da launin fitila, kuma yake zama a wuraren da suka turo gaba: goshi, karan hanci, saman kunci, haɓa. Farin hoda kuwa daga sinadaran da ke cikin kayan kwalliya yake fitowa, musamman silika da ake sawa a hodar da ke busar da maiƙo, da fararen ma'adinan da ke cikin wasu mayukan kare rana. A hasken ɗaki ba a cika ganinsu ba, amma filash na haskawa sai su watso haske, fuska ta yi kamar an barbaɗa mata toka, kuma abin ya fi fitowa fili a fata mai duhu. Na farko matsalar haske ce a ƙananan wurare, na biyu matsalar launi ce a wuri mai faɗi.

Kafin ka taɓa komai, auna. A hoton JPEG kowane fiksel yana da lamba uku, ja da kore da shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Ɗora linzami a kan wurin da ya fi haske ka karanta lambobin, a Photoshop cikin akwatin `Info`, a GIMP cikin `Pointer`. Idan duka ukun sun kai 255, wurin ya ƙone, babu komai a ajiye a ciki, kuma babu ma'aunin da zai dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Idan ja kaɗai ya kai 255, wanda shi ne yakan fara cika a fatar mutum, kore da shuɗi suna ƙasa, to akwai sauran zanen fata da za a iya ceto. A Lightroom Classic danna harafin `J` zai shafa ja a wuraren da suka ƙone, ko ka riƙe `Alt` kana jan `Whites`. Idan akwai fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ajiye kafin ta sarrafa shi, a nemo shi ko da zai ɗauki lokaci, domin yana riƙe da matakan haske 4096 ko 16384 a maimakon 256, kuma sau da yawa wurin da ya fita fari a JPEG yana nan da fatarsa a RAW.

Hanya ta farko, ta ma'aunai, ita ce mafi aminci ga kamanni, saboda ba ta motsa komai daga inda yake, ba ta kuma ƙirƙiro abin da babu. Ana rage `Highlights`, a ɗan rage `Whites`, sai ƙyallin ya lafa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja ma'aunin a kan hoton gaba ɗaya har zuwa -100. Farar riga ta dusashe, farin ido ya yi datti, ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido ya mutu, goshin kuma bai koma fata ba, ya dai koma wani faci mai launin toka. Wannan tokar ita ce alamar cewa wurin ya ƙone tun farko, kana rage hasken farin da babu launi a cikinsa ne kawai. Abin da ya fi shi ne a killace gyaran: a shafa `Brush` a kan fuska kaɗai, sannan a haɗa shi da `Luminance Range` don gyaran ya kama wurare masu haske kawai. A Snapseed `Selective` ko `Brush` suna yin kwatankwacin wannan, ko da yake ba su kai shi kaifi ba.

A kan farin hoda ma hanyar tana aiki fiye da yadda mutane ke zato. A cikin wannan killacen, ka rage `Exposure` kaɗan, ka tura `Temp` wajen ɗumi, ka ƙara `Saturation` kaɗan, launin fata zai fara dawowa, tunda hodar ba ta rufe shi ɗungurungum ba, ta dai tsarma shi. Jan baki da ya yi kau, ko shuɗin da aka shafa a fatar ido, killace na daban kowannensu yake so, a rage masa `Saturation` shi kaɗai. Kada a bi ta `Color Mixer` a rage ja ko ruwan lemo a hoton duka, domin fata da leɓe makwabta ne a launi, kana rage ɗaya ɗayan zai bi shi, mutum ya fito kamar marar lafiya.

Iyakar wannan hanya a bayyane take. Ba ta cike wurin da ya ƙone, ba ta kuma goge kaifin layi, kamar inda fandeshan ya tsaya cak a gefen muƙamuƙi, ko layin inuwa mai duhu da aka zana a gefen hanci. Idan hotunan da yawa ne daga taro ɗaya kuma ba a ƙone suke ba, ni a nan zan tsaya, ba zan ƙara gaba ba.

Hanya ta biyu hannu ne da buroshi. Don ƙyalli, ana buɗe shimfiɗa sabuwa wadda babu komai a kanta, a sa yanayin haɗinta a `Darken`, a ɗauko launi daga fatar da ke dab da ƙyallin, a shafa da buroshi mai taushi da `Opacity` kamar 10 zuwa 15 cikin ɗari. Amfanin `Darken` shi ne ba ya taɓa abin da ya fi launin da ka ɗauko duhu, don haka gira da gashi suna nan lafiya ko da buroshi ya bi ta kansu. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da ke sa launi a wurin da ya ƙone. Aibinta shi ne launin da ake shafawa sumul yake, ba shi da ƙananan ramukan fata, idan aka yi ta maimaitawa sai goshi ya zama kamar roba. Shi ya sa ba a kashe ƙyalli gaba ɗaya. Fata mai rai tana da sheƙi, kuma sheƙin ne ke nuna wa ido cewa goshi a lanƙwashe yake, hanci kuma ya turo. A rage shi zuwa rabi ko sulusi, a bar tsakiyarsa da ɗan haske.

Don launin hoda, irin wannan shimfiɗar ce amma a yanayin `Color`, wanda ke sauya launi ya bar haske da duhu yadda suke. Don layukan kwalliya kuwa, ana amfani da haskakawa da duhuntawa: `Curves` guda biyu, ɗaya an ɗaga shi ɗaya an sauke, kowanne an rufe shi da baƙin `Layer Mask`, sai a riƙa buɗewa da farin buroshi da `Flow` 1 zuwa 3 cikin ɗari. Layin duhun da aka ja a ƙarƙashin ƙashin kunci a ɗan haskaka shi, farin da aka lafta a ƙarƙashin ido a ɗan duhunta shi, har su daina faɗa da juna. Aikin yana cin lokaci, amma ba ya taɓa zanen fata ko kaɗan, kuma shi kaɗai ne ke gyara wata ɓarnar filash da ba a cika lura da ita ba. Hasken da ya fito daga kusa da idon kyamara yana kashe inuwar gefen hanci da ta gefen fuska, sai fuskar ta baje ta yi faɗi. Duhunta gefen goshi da gefen kumatu da ƙarƙashin leɓen ƙasa kaɗan-kaɗan yana dawo mata da siffarta, kuma sau da yawa a nan ne mutum ke fara kama da kansa.

Hanya ta uku, raba hoto gida biyu, ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma ta fi ɓata fuska a hannun mai gaggawa. Ana kwafin hoton sau biyu. Kwafin ƙasa a dusashe shi da `Gaussian Blur` har ƙananan ramukan fata su ɓace, ya rage launi da manyan inuwoyi. Kwafin sama a cire masa na ƙasan ta `Apply Image`, ya rage zanen fata zalla. A hoto mai bit 8 saitin shi ne:

```
Layer: Low
Blending: Subtract
Scale: 2
Offset: 128
```

`Low` a nan sunan da ka raɗa wa kwafin ƙasa ne. Sai a sa kwafin saman a `Linear Light`, hoton ya koma daidai yadda yake a farko. Idan hoton mai bit 16 ne, ana zaɓar `Add`, a kunna `Invert`, `Scale` 2, `Offset` 0. A GIMP `Wavelet-decompose` yana yin rabon da kansa, har zuwa matakai da yawa. Daga nan za ka iya shafa launi tsakanin shimfiɗun biyu, zanen fata yana nan a sama bai motsa ba, ko ka kwafo zanen fata daga inda bai ƙone ba ka ɗora a goshin da ya ƙone. Babu wata hanya cikin biyun farko da za ta iya wannan na ƙarshen.

Haɗarinta yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne batun kamanni yake. Mutane da yawa suna zaton muddin ramukan fata suna nan, to mutumin yana nan. Ba haka ba ne. Kana gane ɗan'uwanka daga nesa, ko a hoto ɗan ƙarami da ya dusashe, inda babu ramin fata ko ɗaya da ake gani. Abin da kake ganewa shi ne manyan inuwoyi: zurfin ido, faɗin hanci, tudun kunci, layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki, ɗan kumburin ƙarƙashin ido. Dukkansu a shimfiɗar ƙasa suke zaune, wato daidai wurin da wannan hanyar ke gayyatar ka ka shafe. Wanda ya zagaye kunci da `Lasso` ya yi ta dusashewa zai samu fata mai kyau a kan fuskar da ƙashinta ya narke. Alamar ita ce idan ka ƙanƙanta hoton, hanci ya rasa gefe, kumatu sun cika, mutum ya yi ƙuruciyar da ba tasa ba.

Gira ma haka take. Wani bincike da Sadr da Jarudi da Sinha suka wallafa a 2003 ya nuna cewa goge gira daga hoton sanannun mutane ya fi hana a gane su fiye da goge idanunsu. Saboda haka girar da aka ja da jagira mai kauri, a rage mata duhu, a tausasa gefenta, amma kada a sake mata siffa sai in akwai wani hoton mutumin ba kwalliya a gabanka. Kyamara ba ta ɗauki abin da ke ƙarƙashin jagira ko gashin ido na kanti ba, duk abin da ka zana a wurin hasashenka ne. Tawadar Allah, tabo, da lotsawar kumatu su ma a bar su. Ƙurjin da zai warke cikin mako ana iya cire shi, abin da mutum ya rayu da shi kuwa nasa ne.

Ga misali don a ga yadda hanyoyin ke haɗuwa. Hoton JPEG ne na mace mai launin fata ruwan ƙasa, faɗin fuskarta a hoton kamar fiksel 900. An auna wuri uku. Tsakiyar goshi ya ba da ja 255, kore 251, shuɗi 246. Kunci ya ba da 198, 176, 168. Gefen wuya, inda babu hoda, ya ba da 132, 88, 64. Lambobin sun riga sun faɗi labarin. A wuya shuɗi bai kai rabin ja ba, a kunci kuwa ya kusa kamo shi, wannan kusancin shi ne tokar da ido ke gani. Goshi kuma saura ƙiris ya ƙone duka, ɗan abin da ya rage a kore da shuɗi ba zai isa ya ba da zanen fata ba.

Kada a ce za a mai da kunci 132, 88, 64 daidai da wuya. Wuya yana ƙarƙashin inuwar haɓa, kuma ya ɗan fi nisa daga fitila, hasken filash kuwa yana raguwa da sauri, idan nisa ya ninka biyu sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ake aro daga wuya shi ne dangantakar lambobin, ba duhunsu ba. A wuya kore kamar kashi biyu cikin uku ne na ja, shuɗi kuma kusan rabi. Idan aka saukar da jan kunci zuwa wajen 165, kore zai dace a wajen 115, shuɗi a wajen 88, wato an bar ɗan saura don fuska ta ci gaba da nuna an yi kwalliya. Akwai kuma tarko: idan fitilun ɗakin masu ruwan ɗorawa ne, wajen kelbin 2700 zuwa 3200 a ma'aunin launin haske, filash kuma yana wajen 5500, kunne ko gefen wuyan da filash bai kai ba zai fi ainihin fatar ja. A ɗauki ma'auni daga inda filash ya haska.

Aikin sai ya tafi haka. Da farko hanya ta ɗaya a kan fuska kaɗai: `Exposure` kamar -0.4, `Highlights` kamar -35, ɗan ɗumi, a sake aunawa. Wannan zai kai kunci rabin hanya. Sannan shimfiɗar `Color` da launin da aka ɗauko daga wuya, a shafa a kumatu da ƙarƙashin ido, a sauke ƙarfin shimfiɗar zuwa wajen 50 cikin ɗari idan ta yi yawa. A kiyaye leɓe da farin ido da haƙora. Sai goshi, wanda shi kaɗai ne ya cancanci hanya ta uku: a raba hoton da `Radius` na `Gaussian Blur` kamar 6 zuwa 8 ga fuska mai wannan girman, a shafa launi a ƙasa har ƙyallin ya sauko zuwa wajen 215, 180, 155, a kwafo zanen fata da `Clone Stamp` daga gefen goshin da bai ƙone ba, yana ɗaukowa daga shimfiɗar sama kaɗai. Daga gefen goshi, ba daga kunci ba in da hali, domin ramukan fatar kunci sun fi girma. Daga ƙarshe a tausasa layin fandeshan a muƙamuƙi da haskakawa da duhuntawa, a rage wa jan baki `Saturation` kamar 15 zuwa 20, a bar siffar leɓe yadda take. Tsarin yana da muhimmanci: haske tukuna, sannan launi, sannan zane, domin duk lokacin da ka duhunta fata launinta yana ƙara kauri, in ka fara da launi sai ka sake shi.

Ma'aunin sumulta fata, irin `Texture` ko `Clarity` da aka ja zuwa ƙasa, ko maɓallin gyaran fuska da ke cikin manhajojin waya, ba ya cikin zaɓin nan a ganina. Hoda mai nauyi ta riga ta cike ramukan fata, filash ya riga ya kashe inuwa, sumultawa kuwa ƙari ne a kan ɓarnar guda. Fuskar da aka lafta wa hoda sau da yawa ɗan ƙarin `Texture` take so, ko ɗan `Grain` a wuraren da aka shafa launi don su saje da sauran hoton.

Idan za a zaɓa, to wanda ke aiki a waya, ko yake da hotuna masu yawa, ko yake da RAW, ya riƙe hanya ta farko. Wanda ke da hoto ɗaya mai daraja, da layukan kwalliya masu kaifi ko fuskar da filash ya baje, ya ƙara ta biyu a kai, ita ce ta fi ba da sakamako mai kama da mutum gwargwadon haƙurin mai yi. Ta uku a ajiye ta don wurin da ya ƙone ko inda hoda ta yi dunƙule-dunƙule, a yi ta a ƙaramin wuri, kada ta zagaye fuska duka. Hoton fasfo ko na katin shaida kuma ba a yi masa ko ɗaya daga ciki, hukumomi da yawa ba sa karɓar hoton da aka taɓa fuskarsa, sake ɗauka ake yi.

Gwajin kamanni ba a kusa ake yin sa ba. Ka duba zanen fata a girman 100 cikin ɗari, amma don kamanni ka ƙanƙanta hoton ya koma kamar girman babban yatsa, ka riƙa kunna gyaran kana kashewa. Ya kamata ka ga haske da launi suna sauyawa, siffa kuma tana tsaye. Idan hanci ko muƙamuƙi ya yi kamar yana motsi, ka wuce gona da iri a shimfiɗar ƙasa ko a duhuntawa. Mai da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci yana tona facin da launi ke ɓoyewa. Ka haɗa dukkan shimfiɗun gyara a `Group` ɗaya, ka sauke ƙarfinsa zuwa 75 ko 80 cikin ɗari, domin idon da ya daɗe a kan hoto yakan saba da gyaran ya daina ganin yawansa. Kuma tun kafin a fara, a tambayi mai hoton wace kwalliyar take so a bari, don jan bakin da kake ganin ya yi yawa wataƙila shi ta zaɓa da kanta, ƙorafinta a kan farin kumatu ne kawai. A ajiye asalin fayil ɗin daban, a aika mata da na farko da na gyara a jere.